Wasiƙar neman cikon kuɗin ɗinki: ku duba min kafin in kai

Auwalu Tela: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Akwai wani dattijo a nan Jekadafari, kwastomana ne shekara shida, ma'aikacin gwamnati ne kuma yana ɗan noma a hanyar Dukku. A watan Nuwamba ya aurar da 'yarsa, na yi masa babbar riga uku da aiki a kan 35,000 kowace, kaftani shida na ƙannensa a kan 9,000, da na yara huɗu a kan 5,000. Duka 179,000. Ya ba da kafin alƙalami 70,000, ranar karɓar kaya ya ƙara 30,000, ya ce ragowar bayan biki. Yau ga shi muna tsakiyar Janairu. Mun haɗu a masallaci ya fi sau biyar, sai dai ya ce "Auwalu ina sane da kai." Mai aikin da ya yi min surfanin rigunan yana bi na 24,000, kullum sai ya kira. Na rubuta wasiƙa ina so ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ga ta:

"Zuwa ga Baba Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Don Allah Baba ka yi haƙuri da wannan takarda, ba don komai ba ne, halin da nake ciki ne. Ka san akwai ragowar kuɗina a wajenka tun biki. Idan ba zai yiwu gaba ɗaya ba, ko nawa ne ka riƙa ba ni duk lokacin da Allah ya hore. Ban so abin ya kai ga wani mataki da ba za mu ji daɗi ba. Na gode."

Yaya kuka gani?

Sani Mai Wibin: Wa'alaikumus salam. Wasiƙa kuma? Oga, ka ɗauki hotonsa sanye da rigar ka sa a sitatus ka rubuta "wannan rigar ba a biya ba." Kafin la'asar za ka ji alat 😂

Adda Rabi Pantami: Sani ka bari. Idan ya yi haka ya rasa kuɗin, ya rasa gidan, ya rasa duk dangin da suke kawo masa ɗinki ta dalilin mutumin nan.

Auwalu ƙanena, takardarka ba ta da lamba ko ɗaya. Ba nawa ake bi, ba nawa za a biya, ba yaushe. "Duk lokacin da Allah ya hore" ai shi ne abin da yake yi yanzu, ka dai rubuta masa izini ne da hannunka. Sannan layin ƙarshe barazana ce. Ka fara da roƙo kamar mai bara, ka rufe da gargaɗi kamar lauya. Dattijo zai manta da duk sauran, layin nan kawai zai riƙe, gobe ka ji ana cewa yaron nan ya yi min barazanar kotu.

Auwalu Tela: Wallahi Adda kunya ce ta sa ban rubuta kuɗin ba. Sa'an mahaifina ne.

Adda Rabi Pantami: Kunyar ce ta kai ka wata biyu. Amma kafin mu zo kan rubutu, tambaya ɗaya: 79,000 ɗin nan, shi ma haka ya sani? Kun taɓa zama ya faɗe ta da bakinsa?

Auwalu Tela: A'a. Amma yana cikin littafina.

Adda Rabi Pantami: Littafinka ya san abin da ya shiga hannunka ne kawai. Kira yaranka ka tambaye su ko wani daga gidan ya taɓa kawo wani abu ba ka nan. Ka kuma buɗe asusunka ka duba daga Nuwamba zuwa yau, har da tiransifa da ta shigo da sunan da ba ka gane ba, don mutane da yawa a wajen mai POS suke turawa. Ni ya taɓa faruwa da ni: na je gidan wata Hajiya da ƙarfina ina cewa 40,000, ta ɗauko waya ta nuna min 15,000 da ɗanta ya turo tun wata guda, da sunan mai POS ya shigo ban lura ba. Daga ranar ni ce mai ba da haƙuri, ragowar ma ban iya buɗe baki na tambaya ba sai da ta ga dama.

Bello Kumo: Ni dai shawarata ka je ka same shi ka ba shi haƙuri. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Idan ka ce za ka riƙa ba shi 10,000 duk wata ba zai ƙi ba, tunda shi ya san halin teloli bayan biki.

Sani Mai Wibin: Hamma Bello, Auwalu ne ke bin bashin fa, ba shi ake bi ba 😂

Bello Kumo: Af, na ga an ce mai aiki yana bin sa ne. To ai duk ɗaya, shi ma mai aikin a ba shi haƙuri.

Auwalu Tela: Innalillahi. Adda kin yi gaskiya. Yanzu yarona yake gaya min ɗan Alhajin ya kawo 10,000 a Disamba ranar da na je Bajoga ta'aziyya. Ba wuta ranar, suka sayi man janareta da 6,000, sauran suka sayi gam da zare, ba wanda ya rubuta. Ke nan 69,000 ne.

Adda Rabi Pantami: To ka gani. Da ka kai masa 79,000 a rubuce, shi ke nan ka ba shi abin riƙewa. Yanzu 10,000 ɗin nan sai ta fito a takardar da ranarta. Idan ya ga ka lissafa har abin da bai zaci ka sani ba, zai yarda da sauran lissafin.

Musa Injiniyan Keke: Ni abin da zan ƙara, ka sa masa sharaɗi. Duk watan da ya tsallake a ƙara kashi goma cikin ɗari. Kuɗin Nuwamba ba shi ne kuɗin Afrilu ba, ku da kuke sayen zare da gam kun fi ni sani. Idan ba hukunci, ba wanda zai biya a kan lokaci.

Malam Idi Bolari: Malam Musa, maganarka ta darajar kuɗi gaskiya ce, kuɗin yana lalacewa a hannun wanda ake bi. Amma ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce, ba saɓani a wannan. Shi ne ainihin abin da ake yi a jahiliyya, ko ka biya ko a ƙara. Auwalu kar ka sa.

Rubutawar kuwa ba raini ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kuma a cikinta wanda ake bi shi aka ce ya yi shifta, wato bakinsa ne zai faɗi adadin. Wannan ya yi daidai da tambayar Hajiya Rabi.

Musa Injiniyan Keke: To Malam idan an juya fa? A ce masa idan ya kawo 60,000 a dunƙule kafin ƙarshen wata an yafe 9,000?

Malam Idi Bolari: Wannan daban. Bashin Auwalu wa'adinsa ya riga ya yi, don haka idan ya yafe wani abu ya karɓi saura, sulhu ne da kyautatawa. Akwai hadisin Ka'ab ɗan Malik da ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka tashi, Annabi (SAW) ya yi masa nuni ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan tashi ka biya. Inda malamai suka yi saɓani shi ne bashin da wa'adinsa bai zo ba a ce rage in biya yanzu. Saboda haka idan zai yi tayin ragi, ya yi shi tun yanzu kafin su ƙulla sabbin ranaku, ya fi fita daga shubuha.

Auwalu Tela: Malam 9,000 ɗin nan kusan ribar babbar riga ɗaya ce. A 35,000 mai aiki yana ɗaukar 18,000, ga bugu, ga zare, ga mai, ga yara. Ba zan iya ba.

Malam Idi Bolari: Ba dole ba ne. Haƙƙinka ne.

Adda Rabi Pantami: Mu zo kan rabon. Kar ka raba 69,000 gida huɗu daidai wa daida kamar lissafin makaranta. Biyan farko ya fi kowanne nauyi kuma ya zo da wuri, ka kuma ɗaura shi a kan dalilin da zai gane. Kana da dalilin a hannu: mai aiki na bin ka 24,000 a kan rigunansa shi Alhajin. Sai ya zama 24,000 farko, saura 45,000, wato 15,000 sau uku. Dattijo zai iya share tela, amma ba ya son a ce wani can da bai sani ba yana jiran kuɗin rigar da ya sa ya tarbi surukai.

Biyan farkon nan kuma shi ne ma'auninka. Wanda ba shi da shi da gaske, za ka ga ya yi ciniki: ya ce 24 ta yi yawa, zan iya 15. Wannan mai biya ne. Wanda ya ce "ba komai, duk yadda ka tsara" ko duba takardar bai yi ba, shi nake tsoro.

Hauwa Tumfure: Adda wannan gaskiya ne. Amma ranar fa? Ni na taɓa yi da wata malamar makaranta muka ce 30 ga wata, albashi bai shigo ba sai bayan kwana biyar, kafin in waiwaye ta mai shago da mai adashi sun riga ni. Tun daga nan ba na sa rana, cewa nake "ranar da albashi ya shigo."

Adda Rabi Pantami: Ke za ki san ranar da ya shigo?

Hauwa Tumfure: A Gombe? Ranar da aka yi albashi ko layin POS kika gani kin sani 😅

Adda Rabi Pantami: Haka ne, amma a takarda ina son rana. Ni haɗawa nake: "da zarar albashi ya shigo, kar dai ya wuce 5 ga wata." Idan ya shigo da wuri kin samu da wuri, idan ya makara akwai iyaka.

Hauwa Tumfure: Ni dai na ga iyakar tana zama ranar biya. Kina cewa 5 ga wata, to sai 5 ɗin, alhali kuɗin ya ƙare tun 2.

Bello Kumo: Tunda kun ce yana noma, me zai hana ya ba ka buhun masara ko wake kawai? Ni wani a Kumo haka muka yi, har yau muna gaisawa.

Auwalu Tela: Hamma Bello mai aikina ba zai karɓi wake ba.

Adda Rabi Pantami: Amma maganar Bello ba ta banza ba ce. Idan shi ya kawo tayin da kansa, ka karɓa a farashin Tudun Hatsi na ranar da ya ba ka, a rubuta nawa aka cire. Kar dai kai ka fara sa shi a takarda.

Sani Mai Wibin: Duk wannan dogon zance ne. Ina da aboki ɗan sanda, a kira Alhajin ofis sau ɗaya, a ranar zai biya.

Yusuf Federal Lowcost: Sani, ni ba tela ba ne, matata ce ke ɗinki, amma na yi aiki a ofishin lauya. Bashin ɗinki ba laifi ba ne da 'yan sanda za su kama mutum a kai. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin kuɗi irin wannan. Idan mutumin ya san haƙƙinsa, Auwalu ne zai koma yana amsa tambaya. Hanyar ita ce kotu, ita kuma abin da za ta fara tambaya shi ne me ke nuna ya yarda ana bin sa. Littafin shago kai kaɗai ka rubuta. Don haka abin da ya fi komai daraja a takardar nan shi ne amsarsa: ko sa hannu, ko ya rubuto a WhatsApp cewa ya gani ya amince. Saƙon waya ana karɓarsa a matsayin shaida idan an bi ƙa'idar gabatar da shi. Kar ka goge hirar, kar ka sayar da wayar ba ka adana ba.

Auwalu Tela: Ni fa ba kotu zan kai shi ba. Ko mahaifiyata ba za ta bari ba.

Yusuf Federal Lowcost: Na sani. Amma rai a hannun Allah yake. Idan ɗayanku ya faɗi, magada da me za su yi aiki? Ko a rabon gado sai an fitar da bashi tukuna, kuma sai da abin nunawa.

Auwalu Tela: Wannan kam haka ne. Akwai wani abu da ban faɗa ba. Ɗaya daga cikin rigunan tana shagona. Bayan biki ya aiko a rage masa tsawon wandon a kuma gyara wuyan 'yar cikin. Na gama tun tuni, ban mayar ba. In rubuta cewa sai ya biya zan ba shi?

Musa Injiniyan Keke: Sosai ma! Allah ne ya kawo maka. Shaddar kaɗai ta fi kuɗin da kake bi. Ni keken da na gyara ba ya fita shagona sai an biya.

Adda Rabi Pantami: Musa, keken da ka gyara ba a biya kuɗin gyaransa ba ne kake riƙewa. Wannan riga ta riga ta fita, Auwalu ya miƙa ta da hannunsa bisa yarda. Dawowar da ta yi amana ce, gyara aka kawo. Da tun ranar karɓar kaya ya ce sai an cika, ba mai ganin laifinsa, ni ma yanzu haka nake yi. Amma a kawo gyara ka mayar da shi jingina ba da saninsa ba? Ni da zan kai masa rigar a goge a cikin leda, da takardar a hannu.

Musa Injiniyan Keke: Sai ya karɓi riga ya ce Allah ya yi albarka, ka dawo da takardarka. Adda ke mata kike wa ɗinki, ba ki san alhazan nan ba.

Adda Rabi Pantami: Shekara goma sha tara ina karɓar kuɗi a hannun mazajensu, ƙanena.

Malam Idi Bolari: Jingina sai da yardar mai kaya. Idan Auwalu yana so, ya tambaye shi a fili ko zai bar rigar har biyan farko. Idan ya ce a ba shi kayansa, a ba shi.

Musa Injiniyan Keke: Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba. Wa zai ce eh?

Auwalu Tela: Na sake rubutawa. Ku duba:

"Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ina gaisuwa, ina fatan amarya tana lafiya a ɗakinta.

Na zauna na daidaita lissafin ɗinkin biki, na ga ya kamata in kawo maka ka duba. Babbar riga uku 105,000, kaftani shida 54,000, na yara huɗu 20,000. Jimla 179,000. Na karɓi 70,000 kafin alƙalami, 30,000 ranar karɓar kaya, da 10,000 da aka kawo shago a Disamba ba na nan. Jimla 110,000. Saura 69,000. Idan akwai abin da na manta, Baba ka gyara min.

Na san hidimar biki ba ƙarama ba ce, shi ya sa nake roƙon a raba shi huɗu. Na farko 24,000 idan albashin Janairu ya shigo, domin shi ne ragowar mai aikin da ya yi surfanin rigunan. Sai 15,000 a albashin Fabrairu, 15,000 a na Maris, 15,000 a na Afrilu, kowanne kar ya wuce 5 ga watan da ke biye. Ba ƙarin ko kwabo. Duk abin da aka bayar zan rubuta a bayan takardar nan, ko in turo saƙo idan ta asusu ne.

Idan wannan tsarin bai yi maka ba, ka faɗa min wanda zai yi. Ɗanka, Auwalu."

Hauwa Tumfure: Ta yi kyau. Amma ka ƙara cewa a hannunka ko a asusunka kawai za a bayar, kar a sake na man janareta.

Adda Rabi Pantami: Eh, ƙara wannan. Ka cire "nake roƙon", ka ce "nake ganin a raba shi huɗu." Gaisuwar ta isa ladabi.

Kuma ka lura, azumi da ƙaramar Sallah za su faɗo cikin watannin nan. Watan Sallah ba a biyan tsohon bashi, sabon yadi ake kawowa. Zai zo da shadda biyar ya ce a haɗa a lissafi. Ka shirya amsarka tun yanzu: sabon ɗinki shafinsa daban, rabi kafin a yanka, ciko kafin ya fita. Wannan da baki za ka faɗa idan lokacin ya zo, ba a takarda ba.

Kar ka aiki yaro da ita, kar ka ba matarsa, wataƙila ba ta ma san da bashin ba. Kar kuma ka miƙa masa a ƙofar masallaci cikin mutane. Ka je gida bayan la'asar, ku gaisa a zaure, ka faɗa da baki tukuna, sannan ka ce "na rubuta ne don kar in manta." Kwafi biyu.

Sani Mai Wibin: Idan ya ƙi sa hannu fa?

Yusuf Federal Lowcost: Kar ya matsa. Idan ya koma shago ya ɗauki hoton takardar ya tura masa, ya ce Baba ga abin da muka yi magana. Ko "to madalla" ya rubuto, ya fi babu.

Auwalu Tela: Jama'a na dawo. Na je jiya da rigar. Da ya ga takarda fuskarsa ta canja, ya ce "Auwalu har mun kai ga rubutu?" Na ce lissafina ne ya rikice Baba. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, da ya zo kan 10,000 ɗin ya ce ashe ta iso, shi ya zaci yaron ne ya cinye. Sai ya ce kaftanin a 8,000 muka yi ba 9,000 ba. Wallahi 9,000 na faɗa, amma da baki ne, ba resit. Na bar masa, aka cire 6,000, ya koma 63,000. Ya ce 24,000 ba za ta yiwu ba saboda kuɗin makarantar yara, zai ba da 18,000, sauran 15,000 sau uku yadda na tsara. Ya gyara da birona a kwafi biyun, amma bai sa hannu ba, ya ce tsakanin ɗa da uba ba a haka. Na tura masa hoton da daddare, ya buɗe, bai ce komai ba.

Adda Rabi Pantami: Ya yi ciniki, kuma gyaran da rubutun hannunsa ne. Ajiye kwafinka inda ruwa ba zai taɓa ba.

Musa Injiniyan Keke: Rigar fa?

Auwalu Tela: Ya karɓa.

Musa Injiniyan Keke: Hmm. To mu ga 5 ga wata.

Auwalu Tela: Yanzu damuwata mai aiki, 24,000 na yi masa alkawari, 18,000 za ta zo. Akwai wanda ke da kaftanin da yake so a taya shi a satin nan? Ina da keke ɗaya a zaune.

Hauwa Tumfure: Mijin ƙawata yana neman mai haɗa wando goma na anko zuwa Alhamis. Duba akwatin saƙonka.